Hargitsa lokaci a fim: zubi daban, labari daban

"Salam 'yan'uwa. Na rubuta gajeren fim, na fara da jana'iza, na koma baya, na sake dawowa gaba. Darakta ya ce labarin yana da kyau amma zubin ya rikita shi, in miƙe shi kawai. To ba labarin ne zubin ba? In miƙe ko in bar shi?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don wutar da ta ƙona ni ce take lasar ka. Kada ka miƙe tukuna, kada kuma ka yi musu da darakta tukuna.

Ɗauki takarda biyu. A ta farko ka jera abubuwan da suka faru kamar yadda suka faru a rayuwar mutanen nan, daga na fari zuwa na ƙarshe, har da waɗanda kyamara ba za ta nuna ba, ka sa musu lamba. Wannan shi ne labari. A ta biyu ka jera lambobin nan yadda ɗan kallo zai gamu da su. Wannan shi ne zubi. Labari guda yana iya ɗaukar zubi goma, kuma kowanne da abin da zai sa mutum ya ji a ransa. A gefen kowane sin na takarda ta biyu ka rubuta layi ɗaya: a nan me ɗan kallo ya sani, me kuma yake zato? Duk aikin a layin nan yake.

Bari in ba ka nawa. Labarin Sale ne, yaron shagon wani Alhaji a Tudun Hatsi nan Gombe. A miƙe ga yadda yake: 1, ɗan Alhaji ya ɗebi kuɗi a durowa. 2, Sale ya gani, ya karɓo kuɗin adashinsa ya dawo shago da daddare don ya cike gurbin, kada asirin yaron ya tonu. 3, maigadi ya haska tocila ya gan shi da kuɗi a hannu, durowa a buɗe. 4, Alhaji ya kore shi a gaban 'yan dako. 5, bayan shekaru ɗan ya faɗi gaskiya. 6, Alhaji ya je neman gafara. Ni kuwa na zuba shi 3, 4, farkon 6, sannan 5, 1, 2, da ƙarshen 6. Ka ga ɗan kallo ya fara da hannu da kuɗi da durowa, ya yanke wa Sale hukunci tare da Alhaji. Da ya ga dattijo tsaye a ƙofar ɓarawonsa yana sallama, sai ya ce to me ya kawo shi? Hoton hannun nan sau biyu na nuna shi. A na farko an yanke yana riƙe da kuɗin. A na biyu kyamara ta ƙara 'yan daƙiƙu, hannun ya fito wayam. Fim ɗin kan saurin zargi ne, kuma so nake mai kallo ya kama kansa yana aikata shi.

Sai aka kai wa edita. Ba zan kama suna ba, Allah ya isa dai. Mutumin nan bai kira ni ba, bai turo ko saƙo ba, ya zauna ya jera min fim 1 zuwa 6, wai shi ya san abin da mutanenmu ke ganewa. Furodusa kuma ya ce ai gwani ne, daga Kano ya koyo aiki. Ban gani ba sai ranar da aka haska. Na gayyato abokaina, na gayyato malamina, har da yayata da ta ba ni rancen kuɗin abincin lokeshan. Fitila ta mutu, sai ga ɗan Alhaji yana zura hannu a durowa a sin na farko. Gumi ya karyo min a cikin sanyin hunturu. Da aka zo wajen maigadi da tocila, wani a bayana ya ce, "Allah sarki, ai ba shi ya ɗauka ba." Kowa ya koma tausayin Sale yana tsine wa Alhaji, kowa ya fita da zuciyarsa fes, ba wanda aka kama da laifi. Hoton hannu na biyu ma cire shi ya yi, wai maimaici ne. Aka yi tafi, ni ina kallon takalmina. Da na tare shi a waje, cewa ya yi, "Malam, ai ba sin ɗin da ya ɓata sai guda." Har yau in na tuna maganar nan abinci ba ya min daɗi. Kai dai duk wanda zai yi maka editin, ka ba shi takarda ta biyu a hannu, ka sa furodusa ya shaida, ka kuma zauna kusa da shi ko zai ɓata rai.

To amma fa darakta naka yana iya yin gaskiya. Ka nemi Memento na Christopher Nolan, na 2000. Jarumin fim ɗin, Leonard, ba ya iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsa, don haka sina-sinan masu launi suna tafiya da baya, mu ma mu riƙa faɗowa cikin kowane sin ba mu san abin da ya gabata ba, kamar shi. Akwai inda wata mata, Natalie, ta shigo da jini a baki ta ce wani ne ya doke ta, muka tausaya mata. Sin mai launi na gaba, wanda a lokaci shi ne na baya, ya nuna ita ta kwashe biro-biron ɗakin don kada ya rubuta, ta tunzura Leonard har ya buge ta, ta fita mota ta jira ya manta. Hargitsin yana da dalili. Kuma dubi yadda aka riƙe hannun mai kallo: masu tafiya gaba baƙi da fari ne, masu tafiya baya launi ne, kuma ƙarshen kowane sin mai launi yana maimaita farkon wanda aka riga aka gani. Doka ɗaya aka kafa, ba a karya ta ba sai inda layukan biyu suka haɗu.

Mu a nan muke faɗuwa. Jarumi da gemu ɗaya, hula ɗaya, a jiya da yau, sannan a manna "bayan shekara biyar" a ƙasan allo a ce an gama. Ni shagon na sa aka ɗauka da buhunan masara maƙil a da, a yanzu kuma rabinsa fanko, Sale kuma na baya ba shi da gemu. Ka ɗauki duk na zamani guda a jere kafin a taɓa aska, in ba haka ba za ka jira gemu ya tsiro, 'yan wasa kuwa ba sa jira.

Jana'izarka, tambaye ta me take saya maka. In sanin mutuwar zai sa duk dariyar da mamacin ya yi a baya ta yi nauyi, ko ya mai da tambayar daga "me zai faru" zuwa "yaya aka yi", bar ta a gaba. In don kawai a fara da kuka ne, mai da ita wurinta. Sannan ka karanta wa wanda ba ruwansa da fim, ko ƙanwarka, a zubin da ka yi, ka ce ta ba ka labarin a miƙe. In ta jera daidai kuma ta ce "da na zaci kaza", ka kai wa darakta wannan shaidar. In kuwa tana tsayar da kai tana cewa "wannan yaushe ne", ka lura da sin ɗin da ta tsaya, a nan alamar lokaci ta ɓace. Turo min takardun biyu ta akwatin saƙo in duba, amma sai bayan isha'i, da rana ina shago.