Lambobin da ke tashi sama maimakon sauka: sai an sayi sabuwar kwamfuta?

Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne daga Daura. An ba mu aikin gida kan giradiyent disent, mu nemo ƙimar w da za ta rage C(w) = (w − 5)² + 2. Na fara da w = 0, na sa lr, wato learning rate, ya zama 1.1 don ya yi sauri. Bayan zagaye 50 sai ga w ya kai kusan −45,500. Abokina ya ce tsohuwar kwamfutata ce ta gaza. Na tara 'yan kuɗi, in sayi sabuwa?

Ƙanena, ka riƙe kuɗinka. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, abin da ka ba ta shi ta lissafa, kuma sabuwa fil a leda wannan amsar za ta ba ka. Matsalar tana cikin 1.1 ɗin nan, kuma zan so ka ga dalili da idonka.

Ka ɗauka mutum ne a gefen busasshen kududdufi cikin dare, ba fitila, yana son ya sauka tsakiya. Ba ya hangen ƙasan, amma tafin ƙafarsa na gaya masa inda ƙasa ta karkata da yadda karkatar ta yi tsanani. Sai ya taka ta wajen gangare, ya sake ji, ya sake takawa. Dabarar ke nan gaba ɗaya, kuma ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, don masanin lissafi ɗan Faransa Augustin-Louis Cauchy ya bayyana ta tun 1847.

A lissafi, abin da ke gaya maka karkatar shi ne deribatif. Na aikinka shi ne 2(w − 5). Idan ya fito da alamar ragi, ƙasan yana damanka, sai ka ƙara w. Idan ya fito ba ragi, ƙasan yana hagu, sai ka rage. Kullum ana tafiya kishiyar alamar, shi ya sa ƙa'idar take da ragi: sabon w = w − lr × 2(w − 5). Shi kuwa lr shi ke yanke tsawon takun.

Mu gwada da 0.1. A w = 0 karkatar −10 ce, ka ninka da 0.1 ka sami −1, ka cire −1 daga sifili, w ya koma 1. A nan karkatar −8 ce, w ya koma 1.8. Daga nan 2.44, sai 2.952. C kuma yana sauka: 27, 18, 12.24, sai kusan 8.55. Ka lura takun yana raguwa da kansa, 1, sai 0.8, sai 0.64, alhali ba wanda ya taɓa lr. Ƙasa ce ke ƙara shimfiɗewa yayin da kake kusantar tsakiya, karkatar na raguwa, takun na binta. Bayan zagaye 20 w yana wajen 4.94.

Yanzu ka daina kallon w, ka kalli tazarar da ke tsakaninsa da 5, don a nan amsar tambayarka take. Tazarar ta tashi daga 5 zuwa 4, zuwa 3.2, zuwa 2.56. Kowane zagaye ana ninka ta da 0.8. Wannan 0.8 ba daga sama ta faɗo ba. Idan ka cire 5 daga ɓangarorin ƙa'idar biyu ka tattara, za ka ga sabuwar tazara ita ce tsohuwar sau (1 − 2 × lr). Da wannan 'yar lamba za ka san makomar kowane lr tun kafin ka kunna kwamfuta.

Sa 0.5, lambar ta zama sifili, taku ɗaya ya kai ka 5 daidai. Sa 0.9, ta zama −0.8. Alamar ragin na nufin kowane taku yana tsallake tsakiyar ya dira a ɗaya gefen: 9, 1.8, 7.56, 2.952. Ana ta kai da komo, amma tazarar na raguwa, za a isa. Sa 1 cif, ta zama −1, w ya riƙa tsalle tsakanin 0 da 10 har abada, C na tsaye a 27.

To ga naka. Da 1.1 lambar −1.2 ce. Takun farko ya kai ka 11, wato ka wuce 5 da shida, alhali da biyar ka fara. A can karkatar ta fi tsanani, don haka taku na gaba ya fi tsawo: −2.2, sai 13.64, sai −5.368. C ya tashi daga 27 zuwa 38, zuwa 53.84. Ninka 5 da 1.2 sau hamsin, ga 45,500 ɗinka. Da ka bar shi ya yi dubban zagaye, da ka ga "inf", wato lambar ta fi ƙarfin kwamfuta, sannan "nan", wato sakamakon ba lamba ba ne, a allo.

Wani zai ce to a sa ƙarami sosai a huta. Shi ma da tsadarsa. Da 0.001 lambar 0.998 ce, kuma bayan zagaye 1,000 w yana wajen 4.32 ne kawai.

Ina roƙonka kada ka haddace 0.1 a matsayin maganin kowace cuta. Iyakar tana bin tsananin lanƙwasar ramin. Ga irin wannan lissafi mai murabba'i, dole lr ya kasance ƙasa da 2 a raba da deribatif na biyu. A aikinka deribatif na biyu 2 ne, iyakar ta zama 1. Da malaminku ya ba ku 10(w − 5)², deribatif na biyu 20 ne, iyakar 0.1, kuma 0.1 ɗin da ya yi maka aiki yau shi zai bar ka kana tsalle tsakanin 0 da 10.

Saboda haka ka saba da buga C a kowane zagaye, ba w na ƙarshe kaɗai ba:

```python
w, lr = 0.0, 0.1
for i in range(20):
    w = w - lr * 2 * (w - 5)
    print(i, w, (w - 5)**2 + 2)
```

Idan C na hawa, ka fara duba ko ka rubuta + a wurin −, don wannan ma yana tura w nesa, sai dai ta gefe ɗaya ba tare da tsallake-tsallake ba. Idan alamar daidai take, raba lr da goma. Idan C na sauka amma da ƙyar, ninka shi sau uku ka sake dubawa. Ka tsaya idan karkatar ta yi ƙanƙanta, misali ƙasa da 0.001. Kuma kada ka jira C ya zama sifili, mafi ƙanƙantarsa a nan 2 ne.

Aikinka rami ɗaya gare shi, shi ya sa duk inda ka fara wuri ɗaya za ka sauka. Nan gaba za ka haɗu da mai ramuka biyu ko fiye. A can dabarar tana iya tsayawa a ramin da ba shi ne mafi zurfi ba, don karkatar wurin da take kaɗai take ji. Abin da ake yi shi ne a fara daga wurare daban-daban a gwada sakamakon.

Batun saye kuwa, wannan aikin ko kalkuleta ta kimiyya irin ta 'yan sakandare ta ishe shi. Danna 0 sannan =, rubuta Ans − 0.1 × 2 × (Ans − 5), ka yi ta danna =. Kowace dannawa zagaye ɗaya ce, za ka ga 1, 1.8, 2.44 suna fitowa. Canza 0.1 zuwa 1.1, ka sake farawa daga 0, ka ga 11 da −2.2. Ranar da aikin ƙarshen karatu ya zo da dubban hotuna, ka fara gwada Google Colab da tsohuwar kwamfutar, tunda lissafin a injinansu yake gudana, kai data kawai za ka saya.