An ɗauke wuta ina cikin aiki: diskin ne ya mutu ko me?

"Malam don Allah ka taimaka. Ina da shagon buga takardu a Zariya, ina cikin buga furojet ɗin wani ɗalibi aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta tashi lafiya lau amma fayil ɗin da na buɗe ba komai a ciki, shafi kusan 40. Mai gyara yace in sayi sabon diski. In saya?"

Hajiya kwantar da hankalinki, kar ki fitar da ko sisi tukuna. Tashin da kwamfutar ta yi lafiya lau ɗin nan shi ne alamar tsarin ya yi aikinsa.

Duk sanda kika danna `Save`, ba waje ɗaya ake rubutawa a diski ba. Akwai ainihin rubutunki, akwai rajistar da ke cewa fayil kaza girmansa kaza kuma yana zaune a wuri kaza, akwai taswirar da ke nuna wane fili ne aka kama wane ne babu kowa, sannan ga sunan a cikin folda. Ba a iya rubuta su lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya ake yi. To in wuta ta tafi a tsakiya, sai ki samu rajista tace filin na furojet ne, taswira kuma tace fili ne ba mai shi, gobe wani fayil ya zo ya hau kai. Irin filin da aka sayar wa mutum biyu kenan.

Maganin da aka yi wa wannan shi ake kira janal. NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli a diski da shi, yana da janal tun 1993, a wani ɓoyayyen fayil mai suna `$LogFile`, Linux kuma ta samu a nata tsarin ext3 a 2001 sannan ext4. Kafin a taɓa rajista ko taswira, sai an fara rubuta niyya a wannan ɗan littafin, zan canza nan da nan da nan, a buga hatimin an kammala, sannan a je a gyara ainihin wuraren. Da wuta ta dawo, kwamfuta ba ta bin diskin gaba ɗaya tana lalube, ƙarshen littafin kawai take dubawa. Wanda ke da hatimi ta sake aiwatar da shi, ko da an riga an yi rabi ba matsala, wanda babu hatimi ta warware shi kamar ba a taɓa farawa ba. Daƙiƙoƙi kaɗan an gama, ke ba ki ma lura ba. Waɗanda suka yi zamanin Windows 98 sun tuna shuɗin allon ScanDisk da ke tare mutum bayan kowace ɗaukewar wuta, rashin janal ne.

Amma ga inda mutane ke ruɗewa. Janal ɗin NTFS rajista da taswira yake karewa, ba shafi 40 ɗinki ba. Rubutun yakan ɗan zauna a RAM kafin ya sauka diski, RAM kuwa da wuta ta ɗauke ta manta komai. Shi yasa fayil zai fito da sunansa tsaf, girmansa `0 KB`, ko girman daidai amma ciki fayau. Gidan yana nan da lambarsa, kayan ne ba su iso ba.

Yanzu ki daina zuba sababbin abubuwa a diskin. Buɗe Word ki shiga `File`, `Info`, `Manage Document`, `Recover Unsaved Documents`, domin Word yana aje kwafin gaggawa duk minti 10 in ba a kashe ba, da yardar Allah ki samu mafi yawa. Don sanin lafiyar tsarin kuma, buɗe `cmd` da `Run as administrator` ki rubuta:

```
fsutil dirty query C:
chkdsk C:
```

Ba tare da `/f` ba `chkdsk` dubawa kawai yake, baya canza komai. In yace ba matsala, sannan manhajar duba lafiyar diski ta CrystalDiskInfo ta nuna `Good`, diskinki ƙalau yake. Diskin da ke mutuwa yana ƙas-ƙas, yana maƙalewa, fayilolin da ba ki taɓa ba tun bara ma suna ƙin buɗewa. Kuɗin nan UPS za ki saya da shi.

"Filash ɗina in yi masa fomat da FAT32, exFAT ko NTFS?"

FAT32 da exFAT duk ba su da janal, shi yasa in ka fizge filash ana cikin rubutu kake ganin folda `FOUND.000` cike da `FILE0000.CHK` bayan gyara. In tsakanin kwamfutocin Windows kawai kake yawo, NTFS. In za ka sa a talabijin, rediyon mota ko Mac, to gara FAT32 ko exFAT, don Mac karanta NTFS kawai yake baya rubutawa. FAT32 baya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB. Ko wanne ka zaɓa ka riƙa danna `Eject`.

"Tunda akwai janal ai ba sai na ɓata kuɗi a UPS ba ko? Na samu SSD mai 1TB a araha sosai."

Haba ɗan'uwa. Ka karanta amsar farko. Amma wannan arahar taka ita tafi tayar min da hankali, don ita nake ta magana a kai shekara da shekaru ba a ji.

Dukkan dabarar janal a kan amana ɗaya ta tsaya. Kwamfuta tana ce wa diski, sauke abin da ke hannunka yanzu ka tabbatar min ya zauna, sai diski yace ya zauna, sannan a buga hatimi. In diskin maƙaryaci ne yace ya zauna alhali abin yana cikin ɗan ma'ajinsa na wucin gadi, sai hatimi ya riga niyya sauka, wuta ta tafi, kwamfuta ta tashi ta tarar da littafin da ba za ta iya yarda da shi ba. SSD kuma yana da tasa taswirar ta ciki wadda Windows bata ma gani, in ta hargitse ba janal ɗin da zai kai wajen, diskin ne gaba ɗaya zai ɓace ko ya dawo yana cewa a yi masa fomat.

Na jabu ma ya fi haka muni. Wani yaro ya kawo min filash an rubuta 128GB, ya siya a kan tebur da kuɗin da bai kai na 16GB na kirki ba, hotunan bikin yayarsa duk a ciki. Sunaye suna nan reras, ka danna hoto ya ƙi buɗewa. Da na gwada, ainihin cikinsa bai kai 8GB ba, an dai koya masa faɗin ƙarya ne, duk abin da ya wuce nan iska yake bi. Yaron yana tsaye yana tambayata ko akwai manhajar da za ta dawo da su, wallahi na rasa bakin da zan gaya masa ba a taɓa rubuta su ba balle a dawo da su. Kun san farashin kaya, kun san yadda dala take, in an ce maka 1TB da kuɗin 128GB me kake tsammani? Kafin ka zuba komai, gwada shi da H2testw a Windows ko `f3write` da `f3read` a Linux, suna cika shi taf su karanto su gaya maka gaskiyar girmansa. Yana cin awanni, ka yi yarjejeniya da mai shago za ka dawo da shi in ya faɗi, in ya ƙi ka bar masa kayansa.

UPS kuma ƙarami mai 650VA ya ishi kwamfutar tebur ɗaya, ba don ka ci gaba da aiki ba, don ka samu 'yan mintunan danna `Save` da kashewa, ko ka tsallake lokacin juyawa zuwa janareta. Kar ka jona masa firinta mai leza. Kuma in na hannu ne ka sa a canza batirin a gabanka, yawanci shi ne ya mutu. Mai laftof da batiri mai rai shi ya riga ya samu nasa UPS ɗin, amma laftof ɗin da ke mutuwa da an zare caja, batiri za ka fara saya kafin SSD.