Ina da rasit, wani ya zo da satifiket: fulotin na waye?

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto cewa ya sayi fuloti awon igiya a bayan gari a 2016. An rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu biyu sun sa hannu, ya biya la'adar dillali, daga baya ya zagaye wurin da katanga ya sa ƙyaure. Bana sai ga wani mutum da satifiket ɗin mallaka na gwamnati mai kwanan watan 2021, yana cewa filin nasa ne. Yana tambaya ko takardarsa ta tashi a banza ke nan.

Malam, ba ta tashi a banza ba, amma aikinta daban ne da na takardar abokin rigimarka. Rasit ko takardar ciniki tana nuna cewa wane ya ba wane kuɗi kaza a rana kaza saboda fili. Ba ta nuna cewa mai sayarwar yana da ikon sayarwa. Sa hannun mai unguwa ma shaida ce cewa an yi cinikin a gabansa, domin doka ba ta ba shi ikon mallaka wa kowa ƙasa ba. Tun 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. Gwamna ne ke bayar da shi a yankunan da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara. Satifiket, wanda ake kira si-of-o, shi ne takardar da ke shaida wannan haƙƙi, galibi na shekara 99 idan filin gidan zama ne. Yana ɗauke da lambar fayil da taswirar safiyo mai nuna iyakoki, kuma akwai kwafinsa a rajistar filaye. Shi ya sa banki ke karɓarsa a jingina, ya ƙi rasit.

Akwai takarda ta uku da mutane ke mantawa da ita. Idan fili yana da satifiket tun farko, mai saye ba ya zama mai shi a idon doka don kawai an miƙa masa satifiket ɗin tare da rasit. Sai an rubuta takardar sauya mallaka, an nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya tanada, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ba shi da inganci. Masu riƙe da satifiket mai sunan wani a cikin akwati suna da yawa, kuma mai wancan sunan shi ne gwamnati ta sani.

To ina ƙarfin takardarka yake? Kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa wanda ya biya kuɗin fili kuma aka damƙa masa shi ya shiga, ya sami haƙƙi na adalci a kansa. Mutum ɗaya ne ke iya ture wannan haƙƙi: wanda ya saya da kuɗinsa da zuciya ɗaya, ya kammala takardunsa, kuma bai san da kai ba. Katangarka a nan take da amfani. Wanda ya je duba fili ya tarar da katanga da ƙyaure, doka tana ɗaukar cewa ya kamata ya tambayi mai su, kuma ba za a saurare shi ba idan ya ce bai sani ba. Da ka bar wurin fayau ba ko turke, da maganar ta yi maka nauyi sosai.

Shi ma satifiket ba ayar da ba a ja da ita ba ne. Kotu tana fara ɗaukar mai shi a matsayin mai gaskiya, amma ana iya rushe wannan zaton. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce satifiket ba ya ƙirƙirar wa mutum mallakar da ba shi da ita, idan akwai wani mai haƙƙi a filin da ba a soke nasa ba. Haka kuma a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 an lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, kuma takarda ɗaya ce kawai daga ciki. Tarihin asalin filin da daɗewar riƙo suna cikin sauran.

Saboda haka, abin da zai raba gardama shi ne tushen satifiket ɗin 2021. Ka sa lauya ya nemi binciken fayil a hukumar filaye ta jiha, wato KANGIS a Kano, da lambar da ke jikin takardar. A duba ko fayil ɗin yana nan, da sunan wa, kuma a kan wace hujja aka bayar. A kai safiyo ya ɗauki ma'aunin fulotinka ya gwada da taswirar, don sau da yawa satifiket na gaskiya ne amma na wani fuloti ne a layin gaba.

Idan bincike ya nuna cewa wanda ya sayar maka ne ya sake sayar wa mutumin, kai ne na farko, kuma kana ciki. Za ka iya neman kotu ta tabbatar maka da filin ta kuma soke satifiket ɗin. Sai dai za a tambaye ka yadda mai sayar maka ya samu. Idan gonar gado ce, an raba ta kafin ya sayar? Magaji ɗaya ba ya sayar da kason 'yan'uwansa. Ka nemo shaidun nan biyu tun suna raye, da takardar rabon gado idan akwai, da rasit ɗin bulo da siminti na katanga, da duk hoton da ke nuna lokacin da aka gina ta.

Idan kuwa binciken ya nuna cewa gwamnati ta karɓi yankin tun kafin 2016, ta biya manoma diyya, ta yanka fulotai ta raba, to an sayar maka da abin da ya riga ya fita daga hannun mai sayarwa. A nan rasit ba zai riƙe maka fili ba. Amfaninsa shi ne ka bi wanda ya karɓi kuɗinka ya mayar, kuma idan ya san an biya shi diyya ya sake sayarwa, maganar ta shiga zamba, ana iya kai ta ga 'yan sanda. A wannan hali shawarata ita ce kada ka ɓata kuɗi a shari'ar mallaka.

Tunda satifiket na gwamna ne, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin ƙarar, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa. 'Yan sanda ba sa yanke hukuncin mallakar fili. Lauyanka zai nemi umarnin wucin gadi da zai hana kowa gini ko sayarwa har a gama. Kafin nan kada ka bar wurin, kada ka sa hannu a wata takardar sulhu da lauya bai karanta ba, kuma asalin takardar cinikinka ta zauna a hannunka, kwafi kawai za ka riƙa nunawa. Kada ka yi jinkiri, domin doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙarar fili.

Idan filin ya tabbata naka, ka nemi satifiket da sunanka nan take. Za a buƙaci takardar cinikin, taswirar safiyo, katin shaida, hotuna da shaidar biyan haraji, sannan ka ci gaba da biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara kana adana rasit ɗinsa.