Minti goma kacal aka ba ni a kan raguwar ƙwarin barbarar fure

Tambaya: Salam Malam. Ɗalibar mastas ce ni, an karɓi takardata a wani taron kimiyya amma minti goma aka ba ni in yi magana kan raguwar ƙwari masu barbarar fure. Silaid ɗina 24 ne yanzu, kuma wallahi tambayoyin bayan jawabi nake tsoro. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Sai dai ki yi haƙuri ki rage su zuwa bakwai ko takwas. Minti goma magana ɗaya yake ɗauka, da giraf ɗaya da zai tsaya mata. Ki zauna ki rubuta maganar a jimla guda, wane ƙwaro ne ya ragu, a ina, daga yaushe zuwa yaushe, da me aka auna. Duk silaid ɗin da bai taimaki jimlar nan ba ki tura shi can ƙarshen fayil, zai yi miki rana lokacin tambayoyi.

Silaid na farko take da sunanki, daƙiƙa 20 ya isa. Na biyu hoto guda, misali ƙudan zuma a kan furen kankana, ki faɗi dalilin aikin cikin minti ɗaya. A nan mutane ke zamewa, sai ka ji an ce kashi 75 na abincin duniya ya dogara da ƙwari. Ba haka rahoton 2016 na IPBES, wato kwamitin ƙasashen duniya kan halittu da muhalli, ya ce ba, kusan kashi 75 na manyan ire-iren amfanin gona ne ke amfana da barbarar ƙwari da sauran dabbobi ko da kaɗan ne, in kuma yawan abin da ake girbewa za a duba sai ya dawo wajen kashi 35. Gero da dawa da masara da shinkafa ai ba su jiran ƙudan zuma. Na uku yadda aka tattara bayanai, minti biyu. Na huɗu babban giraf, ki ba shi minti uku cur, kar ki ji kamar ɓata lokaci ne. Sai giraf na biyu in akwai, sai iyakar binciken, sai jimlarki ta dawo a silaid na ƙarshe ta zauna a allo har a gama tambayoyi. Silaid ɗin "na gode" ki bar shi, da baki ake godiya.

Bari mu gwada da binciken Krefeld na Jamus da ya fito a 2017, tunda kusan kowa sai ya kawo shi. Masu binciken sun kafa tarkon Malaise, wato tarkon raga mai kamar tanti da ke kama ƙwari masu tashi, a wurare 63 da aka killace don kare muhalli, daga 1989 zuwa 2016, suka samu raguwar kashi 76. To amma nauyin duk ƙwarin da ke tashi suka auna, giram nawa ke shiga tarko a rana, ba su ware masu barbara ba. Saboda haka taken silaid ya zama "Nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da kashi 76 cikin shekara 27", kar ki sa "Sakamako" kawai, kar kuma ki rubuta ƙudan zuma a wurin. Kafin ki ce uffan kan layin ki nuna musu ƙasa shekaru ne, gefe giram a rana, in ma'aunin log ne ki faɗa da baki don yana sa faɗuwa mai yawa ta yi kamar gangare mai sauƙi. Ki bar ɗigon bayanan su fito da toka-toka a baya, layin ya ɗauki kala ɗaya mai ƙarfi, ja da kore kar su haɗu saboda masu matsalar bambance kala. Girman rubutu kar ya gaza lamba 24. Na taɓa kwafo giraf kai tsaye daga takarda, furojekta ta wanke shi tas, wani dattijo a baya ya ɗaga hannu ya ce shi fa farin allo yake gani, minti biyu na ɓata ina zana layi da hannu a iska.

Tambayoyi kuwa kusan an san su. Wani zai ce ai amyoyin zuma ƙaruwa suke a duniya, ki ce gaskiya ne, waɗanda ake kiwo sun ƙaru tun daga 1961, amma na daji ba su cikin wannan lissafin. Wani zai ce maganin feshi ne ko? Ki ce Tarayyar Turai ta hana amfani da nau'i uku na maganin ƙwari da ake kira neonicotinoid a fili a 2018, amma binciken Krefeld bai tabbatar da musabbabi ba, kuma in naki bai auna feshi ba kar ki ɗora masa laifin. Mai wuyar ita ce ko wuri ɗaya aka riƙa komawa duk shekara. A Krefeld wurare 37 shekara ɗaya kawai aka ɗauki samfuri, to ke ma ki san naki adadin a ka, ki ajiye teburinsa a silaid ɗin baya. Ki maimaita tambaya da ƙarfi kafin ki amsa, na baya su ji ke kuma ki samu numfashi, amsar kar ta wuce daƙiƙa 30.

Ki yi gwaji sau uku a tsaye da agogon waya, ki nufi minti tara. In a ɗaki kin kai goma daidai, a zauren taro sha biyu za ki yi, kuma shugaban zama zai tsayar da ke kafin ki kai silaid ɗin ƙarshe.