Ina sayar da atamfar da ba ta hannuna, ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aure a Rikkos, Jos, da yara uku, fita nesa ba ta yiwu mini. Na gwada kunun aya, sanyi da rashin wuta suka kayar da ni. Yanzu wani mai shago a Kantin Kwari yana turo mini hotunan atamfa ina sawa a WhatsApp. Wadda ta so sai mu gama ciniki, sannan a aiko daga Kano. Wasu sai ƙarshen wata suke biya, ina ɗan ƙara musu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, sana'ar mace a ɗakinta da sanin mijinta halal ce, babu saɓani. Inda na tsaya shi ne "mu gama ciniki, sannan a aiko". A lokacin turmin ba naki ba ne, yana shagon mai shi, yana iya sayar wa wani kafin la'asar. In mai sayen ma sai ƙarshen wata za ta biya, to an sayar da bashi da bashi, kuma haramun ne.

Gyaran ba wuya. Ki nemi mai shagon ya wakilta ki a fili, da ladanki sananne a kan kowane turmi. Ko kuma ki ce wa mai so: "Zan kawo, in kin gani mu yi ciniki." Ki saya da kuɗinki, kayan su iso tashar Bauchi Road su shigo hannunki, sannan ki sayar. A wannan hanyar in turmin ya ɓace a mota ko mai so ta fasa, asarar taki ce, kuma ɗaukar wannan nauyin ne ya halatta miki ribar.

Ƙarin da kike yi wa masu biyan ƙarshen wata kuwa, wasu malamai sun ce riba ce, wato kuɗin ruwa, suna kafa hujja da hanin ciniki biyu a cikin ɗaya. Ban gamsu ba. Mazhabobi huɗu sun halatta shi, kuma malamai sun fassara hanin da a rabu ba a tsayar da farashi ɗaya ba. Ribar da aka haramta ƙari ce a kan bashin da ya riga ya tabbata, ke kuwa kaya kike yanka wa farashi. In kin ce ₦12,000 hannu da hannu, ₦14,000 ƙarshen wata, ta zaɓi ₦14,000 kafin ta tafi da shi, ciniki ɗaya aka yi. Amma in wata ya ƙare ba ta biya ba kika mayar ₦15,000, wannan ce ribar.

Ki sayi littafi ki riƙa rubuta bashi, har na dangin miji, domin jarin mata da yawa a nan yake narkewa. Hoto yana ƙara wa zane haske, ki faɗa tun farko. Mai shagon nan kuma, saƙonku ya tsaya kan kaya da lissafi, a daina amsawa bayan isha'i. Wallahu a'alam.