Oda uku a manhajar sayen hannun jari: wacce zan danna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, nan Legas. Na buɗe asusu wurin wani dillalin hannun jari, an ba ni lambar CSCS, wato lambar asusun da ake ajiye min hannun jari, na zuba naira dubu 500. Da na je saye sai manhajar ta ce in zaɓi Market, ko Limit, ko Stop. Wacce ya kamata in danna, kuma wacce ce za ta kare min kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. A sayenka na farko ka zaɓi Limit. Bari in nuna maka dalili da lissafi.

Farashin da kake gani da manyan lambobi a gaban sunan kamfani farashin cinikin da ya riga ya wuce ne. Ba alkawari ba ne cewa haka za a sayar maka. Abin da ke tafiyar da ciniki a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, shi ne layuka biyu na mutanen da ke jira. A gefe ɗaya akwai masu son saye, kowa da tayinsa da adadin da yake so, manhaja tana rubuta musu Bid. A ɗaya gefen akwai masu son sayarwa da farashin da suka sa, ana rubuta musu Offer ko Ask. Na'ura ce ke haɗa su: wanda farashinsa ya fi kyau shi ke gaba, idan farashi ya zo ɗaya kuma wanda ya riga shiga layi shi ake fara sallama. Kafin ka taɓa komai, nemo wannan shafin a manhajarka. Idan ba ka gan shi ba, ka tambayi dillalinka ya faɗa maka tayi nawa ne da sallama nawa ne a lokacin.

Mu ɗauki misali, da lambobin da na ƙirƙira don koyarwa kawai. Hannun jarin wani kamfani ya rufe jiya a naira 50. Kana son guda 10,000, a ranka ka lissafa naira 500,000. A layin masu sayarwa kuwa ga abin da ke akwai: mutum ɗaya yana da guda 2,000 a naira 50, na biye da shi yana da 3,000 a naira 51.50, na uku yana da 5,000 a naira 54. Mafi tsadar tayin masu saye kuma naira 49 ne.

Idan ka danna Market, abin da ka ce wa dillali shi ne ya saya maka yanzu-yanzu a duk farashin da ya tarar. Kamar ka aiki yaronka cikin kasuwa ne ka ce ya kawo buhu goma na albasa, kada ya dawo hannu rabbana, ba ka kuma yanka masa farashi ba. Zai kwashe na mai araha, idan bai isa ba ya matsa gaba wurin mai tsada. Haka na'urar za ta yi. Guda 2,000 na farko naira 100,000, guda 3,000 na biyu naira 154,500, ragowar 5,000 kuma naira 270,000. Jimilla naira 524,500, wato kowane guda ya faɗo maka a naira 52.45. Ka wuce lissafinka da naira 24,500 tun ba a sa la'adar dillali da kuɗaɗen hukumomi ba. A asusunka da ke da dubu 500 cif, manhajar ma tana iya ƙin karɓar odar, ko ta saya maka ƙasa da adadin da ka nema.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Da za ka canza shawara bayan minti biyar ka ce za ka sayar, mafi kyawun tayi naira 49 ne, kuma ba lalle mai wannan tayin yana son guda 10,000 duka ba. Kamfanin bai yi komai ba, ba wani labari da ya fito, amma ka riga ka shiga asarar da ta haura naira dubu 34. Wannan tazarar da ke tsakanin Bid da Offer kuɗi ce ta gaske, kuma mai danna Market ne ke biyanta. A manyan bankuna da manyan kamfanonin da ake cinikinsu da yawa kullum, tazarar ƴar kaɗan ce, layin kuma cike yake, don haka Market ba ta cika cutar da mai ƙaramin saye ba. A ƙananan kamfanonin da wata rana ma ba a yin cinikin a zo a gani, nan take cizo.

Limit kuwa kai ne ke yanka farashi. Idan saye za ka yi, ma'anarta kada a biya sama da kaza. Idan sayarwa ce, kada a karɓi ƙasa da kaza. A misalinmu, ka ce guda 10,000 a Limit na naira 51.50. Za a ba ka 2,000 na farko a naira 50, domin na'ura tana ba ka mafi araha ko da iyakarka ta fi haka, sai 3,000 a naira 51.50. Ka samu guda 5,000 a kan naira 254,500. Mai naira 54 ba za a taɓa nasa ba. Ragowar 5,000 ɗinka sun zama tayi a layin masu saye, suna jiran wanda zai sallama a farashinka.

Nan ne raunin Limit yake, kuma dole ka san shi. Tana tsare maka farashi, amma ba ta yi maka alkawarin ciniki ba. Ana iya cika maka rabi, ana iya tashi kasuwa ba a cika maka ko ɗaya ba, farashi kuma ya yi ta hawa kana kallo. Wani ma zai ga an yi ciniki daidai a farashin da ya sa amma nasa bai shiga ba, ya ɗauka an zalunce shi. Ba zalunci ba ne, waɗanda suka riga shi a layi ne suka shanye abin da ya zo. Ni dai a wurin mai farawa na fi yarda da wannan raunin, domin hannun jarin da ya kuɓuce maka yau bai taɓa uwar kuɗinka ba. Idan da gaske kana son kayan a yau, ka sa Limit ɗinka daidai da Offer na farko ko sama da shi kaɗan. Za ka samu saurin Market, tare da rufin da ba za a wuce ba.

Stop daban take da biyun nan, domin ba ta shiga layi lokacin da ka sa ta. Tana kwance ne har sai farashi ya taɓa lambar da ka zaɓa ko ya wuce ta, sannan ta farka ta zama Market. Yawanci wanda ya riga ya saya ne ke amfani da ita don rage asara, shi ya sa wasu manhajojin ke rubuta Stop Loss. Ba kowane dillali ke ba da ita a kan hannayen jarin Najeriya ba, an fi ganinta a manhajojin da ake sayen na Amurka, saboda haka ka tabbatar a wace kasuwa taka take aiki.

A ce guda 5,000 ɗin nan suna hannunka, ka sa Stop a naira 46. A tunaninka, kome ya faru za ka fita da naira 230,000. Ba haka ba ne, Alhaji. Naira 46 ƙararrawa ce kawai, ba farashin sayarwa ba. A ce wata rana an rufe a naira 47, da yamma kamfanin ya fitar da rahoton asara. A NGX hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a rana ɗaya, don haka washegari yana iya buɗewa kai tsaye a naira 42.30, ba tare da an yi ciniki ko ɗaya a 46 ba. Odarka za ta farka ta sayar a 42.30, ka karɓi naira 211,500, ƙasa da abin da ka zata da naira 18,500. Wannan ma idan an samu mai saye ne. Akwai ranakun da masu sayarwa ke cika layi a mafi ƙarancin farashin ranar, gefen masu saye kuma fayau. Ranar ba mai fita, da Stop ko babu, gobe kuma farashi yana iya sake sauka zuwa wajen naira 38. A kasuwar Amurka babu irin wannan iyakar ta kashi 10 a rana, hannun jari yana iya wayar gari ya faɗi fiye da haka nesa ba kusa ba.

Akwai ƙanwarta mai suna Stop Limit, inda kake sa lamba biyu: a farka a 46, amma kada a sayar ƙasa da 45. Ta hana a sayar maka a wulaƙance, sai dai a ranar da aka buɗe a 42.30 ba za ta sayar da komai ba, kayan suna hannunka farashi yana gangarawa. Haka kuma Stop da aka sa kusa da farashin yau tana farkawa a kan hawa da saukar yau da kullum, a sayar maka, bayan kwana biyu farashi ya dawo, ka biya la'ada a banza. Ko ranar da ake zaftare farashi daidai da ribar da kamfani zai raba wa masu hannun jari tana iya tayar da ita, alhali babu abin da ya lalace.

Kuskure ɗaya nake roƙonka ka kiyaye, don masu farawa suna yawan faɗa masa. Mutum yana son kariya idan farashi ya sauka zuwa 46, sai ya shiga wurin sayarwa ya zaɓi Limit ya rubuta 46, farashi kuma yana 50. Abin da ya faɗa wa na'ura shi ne ya yarda ya sayar a 46 ko sama. Tunda akwai mai tayin 49 yana jira, nan take za a sayar masa da kayansa. Ka riƙe wannan: a wurin sayarwa, lambar da ke sama da farashin yanzu ta Limit ce, wadda ke ƙasa kuma ta Stop ce.

Kafin ka tabbatar da oda, duba wa'adinta. Wadda aka rubuta wa Day ko Good for Day tana mutuwa da an tashi kasuwar ranar. Wadda aka rubuta wa GTC ko Good Till Cancelled tana nan har ka soke ta ko wa'adin da dillali ya sa ya ƙare, kuma tana iya cika bayan makonni kana can kana sauke motar albasa ka manta da ita. A farkon nan ka riƙa sa ta rana ɗaya. Kada kuma ka sa Market da daddare ko a ƙarshen mako, domin za ta jira buɗe kasuwa ne ta ɗauki farashin da ba ka gani ba.

Kada ka zuba dubu 500 ɗin duka a oda ɗaya. La'ada da kuɗaɗen hukumomi ana cire su a saye, a kuma cire a sayarwa, don haka ka bar musu wuri. Fara da kamar dubu 50 a kamfanin da ake cinikinsa sosai, da Limit. Bayan cinikin dillali zai turo maka takardar da ake rubuta wa Contract Note. Ka duba adadi, da farashin kowane guda, da abin da aka cire, ka gwada da abin da ka rubuta a oda. Idan saye ne kuma farashin ya haura iyakar da ka sa, ka kira dillalin a ranar.