Wasiƙar neman canza malami mai duba bincike

Tambaya: “Ina karatun digiri na uku. Wata takwas babina na biyu yana hannun malamina, bai duba ba. Yaya zan rubuta a canza min shi ba tare da ɓatanci ba?”

Shugaban sashe za ka rubuta wa, ta hannun jami'in karatun gaba da digiri. Amma fara samun Farfesa, wato malamin naka, ido da ido, kada ya tsinci labarin a bakin wasu, domin wataƙila yana zaune ranar kare kundinka.

A wasiƙar, bar zargi. Kawo ranar da ka miƙa babin da ranakun da ka tuntuɓe shi, sannan: “Ina godiya da jagorancin Farfesa. Ganin yawan ayyukansa da ƙarancin lokacin da ya rage mini, ina roƙon a duba yiwuwar haɗa ni da wani malami.” Kada ka ambaci sunan sabon malamin da kake so sai ya amince tukuna.

In akwai cin zarafi kuwa, wannan na shugaban makarantar gaba da digiri ne.